Mabiya 18,400, amma mutum 14 ne suka sayi littafina: ina matsalar take?

Bello na Argungu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina da tasha a YouTube inda nake koyar da noman shinkafa na rani da Hausa, kuma mabiyana sun kai 18,400. A watan Afrilu na tattara abin da na sani na rubuta littafi mai shafi 62, tun daga zaɓen iri irin su FARO 44 da gyaran bedin reno, har zuwa dashe da zuba taki da lissafin man injin ban ruwa. Na mai da shi PDF na sa masa naira 3,000. Wanda ya tsara mini shafuka da bango ya karɓi naira 35,000. Yau wata biyu ke nan, mutum 14 ne kacal suka biya, wato naira 42,000. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, makon jiya wani abokina ya turo mini littafin nawa daga wani zauren WhatsApp na manoma, ana ta rarraba shi kyauta. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan harka su nuna mini inda na kuskure, domin ban san ko farashin ne ya yi tsada ba, ko kuwa mutanenmu ne ba su saba sayen irin wannan abu ba.

Alhaji Umaru Yauri:
Wa alaikumus salam. Malam Bello, ni a sanina duk wanda ya haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara yana iya neman YouTube ta fara biyansa kuɗin talla. Kai da ka wuce 18,000 ai ka daɗe da tsallake wannan. Ka duba ko akwai abin da ba ka cike daidai ba a wajen rajista, wataƙila shi ya sa kuɗin ba su shigo ba.

Bello na Argungu:
Ranka ya daɗe, Alhaji, kuɗin talla suna shigowa, sai dai ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa na nemi wata hanya. Tambayata a kan littafin da na rubuta da kaina ce, wanda nake sayar wa masu kallona kai tsaye ba tare da YouTube ta shiga ciki ba.

Nasiru Jega:
Yaya Bello, ni a ganina abu biyu ne. Na farko, 3,000 ta yi yawa ga manomi. Ka mai da shi 500, idan ko kashi ɗaya cikin goma na mabiyanka suka saya ka haura naira 900,000. Na biyu, ka sa wa PDF ɗin kalmar sirri, ta yadda duk wanda aka tura wa ba zai iya buɗewa ba.

Hajiya Balkisu Gusau:
Malam Bello, sannu da ƙoƙari. Ni sana'ar haɗa sabulu nake koyarwa, kuma na shekara huɗu ina sayar wa mata darussa ta waya, don haka na sha irin wannan ɗacin. Kafin a taɓa farashi ina so mu gyara lissafin da ɗana Nasiru ya yi, domin shi ne lissafin da kusan kowa ke yi da farko. Adadin mabiya tarihi ne na duk wanda ya taɓa latsa maɓallin bi cikin shekara uku, har da wanda wayarsa ta ɓace, da wanda ya sauya layi, da ɗalibin da ya kalli bidiyo ɗaya saboda jarrabawa. Waɗanda za su iya saye su ne waɗanda suke dawowa suna kallonka a yanzu. Ka shiga YouTube Studio, ka buɗe Analytics, ka duba sashen Audience, sannan ka kawo mana abu huɗu: mutum nawa ne suke kallon bidiyonka goma na baya-bayan nan, daga waɗanne ƙasashe suke, mutum nawa suka latsa linkin littafin, kuma mutum nawa suka yi maka magana suna tambayar yadda za su biya. Da waɗannan za mu gane ko a bakin ƙofa mutane suke tsayawa ko a wajen biya.

Bello na Argungu:
Hajiya, na duba. Bidiyona na baya-bayan nan tsakanin mutum 1,200 zuwa 2,000 ne suke kallon kowanne, in ban da gajerun nan na Shorts da wani lokaci suke haura 10,000. Nijeriya ce kan gaba, Nijar na biye da ita da kaso mai kauri. Linkin da na sa yana kai mutum WhatsApp ɗina ne, kuma an latsa shi sau 210. Waɗanda suka yi mini magana a kan littafin 63 ne, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Daga cikinsu ne 14 suka biya.

Hajiya Balkisu Gusau:
To ka gani, Malam, labarin ya sauya. Ba 14 cikin 18,400 ba ne, 14 cikin 63 ne, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka yi maka magana ya ciro kuɗinsa ya ba ka. A wajena wannan ba alamar tsadar farashi ba ce. Da farashi ne matsalar, da za ka ga mutane da yawa suna tambaya, suna jin kuɗin sai su yi shiru gaba ɗaya. Abin da nake so ka yi yanzu yana da ɗan wahala amma shi ne mafi amfani: ka koma kan saƙonnin mutum 49 da ba su saya ba, ka karanta abin da kowannensu ya faɗa a ƙarshe kafin ya tafi. Sannan ka gaya mini a wane irin bidiyo ka fi tallata littafin, domin idan a Shorts ne, tun 2023 YouTube ta hana latsa linkin da aka rubuta a bayanin Shorts ko a sharhin da ke ƙarƙashinsu. Mutum zai ga rubutun amma yatsansa ba zai buɗe shi ba.

Bello na Argungu:
Innalillahi. A Shorts na fi tallata shi, saboda na ga su ne suka fi samun masu kallo. A dogon bidiyo sau biyu kawai na ambace shi, kuma a ƙarshe, bayan minti goma sha. Game da mutum 49 kuwa, ga abin da na samu. Mutum 20 sun tambaya ko akwai na murya ko na takarda, da na ce a waya ake karantawa sai suka yi godiya suka tafi. Mutum 11 daga Nijar suke, sun ce ba su da hanyar turo naira. Mutum 9 sun nemi ragi. Sauran 9 ba su sake cewa komai ba, amma gaskiya wasunsu sai bayan kwana biyu na amsa musu, domin lokacin ina fadama muna yankan shinkafa.

Hajiya Balkisu Gusau:
Wannan jimla taka ta ƙarshe ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Kana yankan shinkafa lokacin da kake sayar da littafin da ke koyar da renon iri da dashe. Masu kallonka ma yanka suke yi, kuma ba za su buƙaci abin da ke shafukan farko ba sai wajen Disamba ko Janairu, idan an koma shirin rani. Manomi bai cika biyan kuɗi yau saboda matsalar da za ta zo masa bayan wata takwas ba, musamman da damina a gaba da kuɗin taki a kansa. Ni ma na taɓa buɗe aji a tsakiyar azumi, lokacin da hankalin mata yana kan kayan salla, mutum shida na samu. Darasin nan dai na sake buɗe shi bayan salla da mako uku ajin ya cika.

Sai maganar mutum 20 da suka nemi murya. Waɗannan sun san ka ne da baki da ido, suna ganinka tsaye cikin ruwa kana nuna tazarar dashe da hannunka. Ka ɗauke musu wannan ka ba su shafi 62 da za su riƙa ja da yatsa a ƙaramar waya cikin rana. Da yawa daga cikinsu sun fi sakewa da sauraro fiye da karatun boko, kuma ba za su faɗa maka haka ba, godiya kawai za su yi su tafi kamar yadda ka gani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na duk masu tambayarka ke nan, kuma ba kuɗin ne ya kore su ba.

Nasiru Jega:
Na yarda da maganar lokaci, Hajiya, amma har yanzu ba a amsa maganar sata ba. Ko a Disamba ya sayar, mutum ɗaya zai saya ya tura wa zaure mai mutum dubu. Shi ya sa na ce kalmar sirri.

Hajiya Balkisu Gusau:
Nasiru, wanda ya tura littafin zai tura kalmar sirrin a saƙo na gaba, ba abin da zai hana shi. Abin da kalmar take yi kawai shi ne wahalar da mai gaskiya, wanda zai manta ta ya kira Malam Bello da tsakar dare. Dabarar da na ga tana ɗan rage abin ita ce a buga sunan mai saye da lambar wayarsa a ƙasan kowane shafi na kwafinsa, domin mutum yana jin kunyar a ga sunansa a kan abin da ya yaɗa ba da izini ba. Wannan ma ragewa take yi, ba ta hanawa. A Telegram akwai Restrict saving content, wanda idan an kunna shi a tasha ta sirri ba a iya tura abin da ke ciki ko adana shi, kuma ana iya yin linkin gayyata da mutum ɗaya kaɗai zai shiga da shi. Duk da haka na taɓa ganin darasina an ɗauke shi da wata wayar daban, har ana jin kukan akuya a bayansa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, amma ban ga wanda zai ɗauki lauya saboda littafin naira 3,000 ba.

Abin da na koma yi shi ne sayar da abin da ba ya turuwa. Fayil yana turuwa. Amma a ce manomi ya ɗauki hoton bedinsa da ganyen ya fara yin rawaya, ya turo, Malam Bello ya amsa masa a daren nan ko rashin taki ne ko ruwa ne ya yi yawa, wannan babu wanda zai iya kwafe shi ya kai wani zaure.

Malam Garba Kamba:
Ku ba ni dama in sa baki a kan mutanen Nijar, domin mu nan bakin iyaka kullum da su muke ciniki. Mutum 11 ba abin zubarwa ba ne, kuma na san manoman Gaya ta Nijar da kewaye suna bin tashoshin Hausa na Nijeriya sosai. Ni darussan gyaran injin ban ruwa nake sayarwa, kuma abin da na yi shi ne na sami wani amintaccen ɗan kasuwa da ke tsallakawa kowane mako, ana ba shi sefa a can, shi kuma ya turo mini naira. Matsalar da na ci karo da ita ita ce canji yana motsi, sau biyu muna samun saɓani a kan nawa ya kamata ya turo. Daga baya na yanke farashi da sefa, na ce duk abin da canji ya bayar ranar da aka biya shi ne nawa. Ban ce wannan ita ce hanya mafi kyau ba, kuma idan mutumin ya yi tafiya ciniki yana tsayawa har ya dawo.

Bello na Argungu:
Na gode, Malam Garba, ina da suruki a Kamba da zan tuntuɓa. Akwai kuma abin da ban faɗa ba saboda kunya: mutum 15 na tura wa littafin, ɗaya daga cikinsu hoton rasit na ƙarya ya turo mini, kuma ban gane ba sai da na zauna lissafi. Wasu kuma ta wajen mai POS suke biya, sai in ga sunan da ban sani ba ya shigo, in rasa na wane ne.

Nasiru Jega:
Wannan kam ina da amsarsa. Ka daina karɓar kuɗi ta asusunka kai tsaye. Ka ɗora kayanka a Selar, shafin sayar da littattafai da darussa ta intanet, ko ka buɗe shafin biya na Paystack. A Selar da zarar mutum ya biya, shi da kansa zai sauke fayil ɗin ko kana barci ko kana fadama, kuma hoton rasit ba ya aiki a can. Kuɗin da Paystack ke cira a cinikin cikin gida kashi 1.5 cikin ɗari ne da ƙarin naira 100, kuma ana yafe naira 100 ɗin idan cinikin bai kai 2,500 ba. A kan 3,000 ɗinka naira 145 ke nan. Littafi ɗaya da aka cuce ka ya fi kuɗin ciniki ashirin.

Hajiya Balkisu Gusau:
Lissafin Nasiru daidai ne, kuma ga ɗalibai da ma'aikata ita ce hanya. Sai dai na gwada da matan da nake koyarwa, na ga da yawa suna tsayawa a inda shafin ya nemi adireshin imel, wasu kuma suna tsoron sa lambar kati a shafin da ba su sani ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Don haka ni hanya biyu nake buɗewa. Mai iya biya ta shafi ya biya. Wanda ba ya iyawa ya tura ta asusu ko ta mai POS, amma da sharaɗi biyu: ba na duba hoton rasit ko saƙon tes, manhajar banki nake buɗewa in ga kuɗin sun zauna, kuma kowane mai saye ina ba shi adadi nasa, wannan ya biya 5,010, wancan 5,020, ta yadda ko da sunan mai POS ya shigo na san na wane ne. Wannan yana yiwuwa ga mutum talatin ko arba'in. Idan sun kai ɗari biyu zai gagare ka.

Ga abin da zan yi da ni ce a matsayinka. A farkon Nuwamba, lokacin da aka fara girbin damina kuɗi suka shigo hannu, zan yi dogon bidiyo a kan matsala guda, misali dalilin da ke sa iri ya mutu a bedi, kuma a cikin minti biyun farko in sanar da aji na mako shida da zai bi aikin gona mako-mako, daga jiƙa iri zuwa zuba takin farko bayan dashe. Zan faɗi lambar wayar da baki, in rubuta ta a kan bidiyon, in kuma maƙala ta a sharhin farko. Gurbi 30, naira 5,000 kowanne. Zan ce idan mutum 20 ba su biya ba zuwa rana kaza, kowa za a mayar masa da kuɗinsa. Idan ajin ya cika naira 150,000 ke nan, ko duka ta Paystack suka biya abin da za a cire 5,250 ne. Darussan kuwa murya ce ta minti biyar zuwa bakwai da gajeren bidiyo mara nauyi, domin mun san yadda sabis yake a ƙauyukanmu. Mu a Zamfara da aka rufe layukan waya a Satumbar 2021 ajina tsayawa ya yi cak, tun daga nan nake faɗa wa ɗalibai tun farko cewa idan sabis ya ɗauke za a ƙara kwanaki. Littafin kuma, tunda ya riga ya fita, a ba 'yan aji kyauta, a sabon kwafin a sa lambarka da sanarwar ajin a shafin farko, duk wanda ya yaɗa shi talla ya yi maka.

Malam Abubakar Bunza:
Ina bin muhawarar tun farko kuma na ƙaru. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, Hajiya: karɓar kuɗin mutane a kan darasin da ba a riga an naɗa ba. Idan Malam Bello ya yi rashin lafiya a mako na uku, ko ruwa ya ci fadamar da zai yi nuni da ita, yaya matsayin kuɗin? Ina ganin ya kamata a tambayi malamai ko wannan ijara ce ta koyarwa ko sayar da abin da babu shi ne, kafin a sanar.

Hajiya Balkisu Gusau:
Allah ya gafarta Malam, fatawa ba tawa ba ce, kuma na goyi bayan a tambaya. Ni dai kamar kuɗin makaranta na ɗauke shi, wanda ake biya a farkon zango kafin a koyar. Abin da nake yi a aikace shi ne ina rubuta yawan darussa da ranakunsu da abin da ke cikin kowanne kafin kowa ya biya, kuma ba na taɓa kuɗin makon da ban koyar ba tukuna. Sau ɗaya na tsaya a mako na huɗu cikin shida saboda haihuwa, na mayar wa kowa kashi ɗaya cikin uku.

Malam Abubakar Bunza:
Wannan ya rage mini damuwa, ko da yake zan so in ji ta bakin malaminmu ranar Juma'a, in sha Allahu zan kawo muku abin da ya ce.

Nasiru Jega:
To a ina za a yi ajin? Ni Telegram nake gani, tunda can ne kaɗai ake iya hana turawa, kuma wanda ya shigo a makare zai tarar da darussan baya.

Malam Garba Kamba:
Cikin ɗalibaina goma da ƙyar biyu suke da Telegram, kuma wayoyinsu a cike suke. Ka ce wa dattijo ya sauke sabuwar manhaja bayan ya biya 5,000, sai ya ce a mayar masa da kuɗinsa. WhatsApp suka sani, a can nake yi, satar kuma na haƙura da ita.

Bello na Argungu:
Na gode muku gaba ɗaya. Tunda ina da lambobin mutum 63 ɗin nan, zan aika wa kowannensu saƙon murya ɗaya bayan ɗaya in tambaye shi wace manhaja ke wayarsa, kuma ko zai shiga aji irin wannan a Disamba. Abin da ban warware ba shi ne mutum 14 da suka riga suka biya 3,000 a kan littafin da yanzu zan bayar kyauta. Ina tunanin in cire musu 3,000 ɗin daga kuɗin ajin su cika 2,000, amma idan dukansu suka shiga, kusan rabin gurabe sun tafi a kan ragi, kuɗin ajin ya sauko zuwa naira 108,000. Hajiya, ke da kin taɓa yin irin wannan, a cikin 30 ɗin kike ƙirga su ko a waje?